Daga Windows 10 zuwa Windows 11: me ya sa saiti ke sauyawa, kuma yaya ake kwashe bayananka?

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa suka ɗaga kwamfutocinsu zuwa Windows 11. Ƙorafin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: fayil ɗin PDF ya koma buɗewa a burauza, firinta ta canza hali, wasu abubuwa sun ɓace daga inda aka saba ganinsu. Amsoshin da ke ƙasa duk a kan wannan ɗagawar suke, amma akasarin bayanin ya shafi kowace babbar sabuntawa ta Windows.

Shin ba gyara kawai ake yi wa tsohon Windows ɗin ba? Me ya kawo sauyin saiti?

A nan ne rashin fahimtar ke farawa. Sabuntawar wata-wata gyara ce, kamar a yi wa gida yaɓe ko a sauya kwano ɗaya da ke yoyo. Babbar sabuntawa kuwa ƙaura ce. Ana gina sabon Windows cikakke a gefe, a ture tsohon zuwa wata folda mai suna `C:\Windows.old`, sannan a kwaso kayanka a shigar da su sabon gida.

Mai kwasar kayan yana aiki ne da jerin da aka rubuta masa. Kowane ɓangare na Windows yana da takardar bayani da ke faɗin waɗanne saituna ne nasa, da waɗanda za a tafi da su idan ƙaura ta zo. Idan ka buɗe faifan girka Windows ka shiga foldar `sources`, za ka ga `dlmanifests` da `replacementmanifests`. Irin waɗannan takardun ne a ciki.

Saboda haka idan saiti ya sauya, galibi ɗayan abu uku ne ya faru. Ko dai saitin ba ya cikin jerin abin da za a kwasa, ko an kwaso shi amma babu ɗakinsa a sabon gidan domin an cire abin da yake sarrafawa, ko kuma an kwaso shi amma sabon Windows bai gamsu cewa kai ne ka zaɓe shi ba, sai ya mayar da shi yadda ya zo daga kamfani. Wanda ya iya bambance waɗannan ukun ya san wanda zai gyaru da wanda sai haƙuri.

To me ya sa wata sabuntawar mai sabon suna ba ta taɓa komai, wata kuma ta hargitsa abubuwa?

Domin ba dukkansu ne ƙaura ba. Tafiya daga fitowar Windows 11 mai suna 22H2 zuwa mai suna 23H2 ɗan ƙaramin kunshi ne da ke kunna abubuwan da tuni suna cikin kwamfutar a kashe, kuma kashewa da kunnawa sau ɗaya ya wadatar. Amma daga 23H2 zuwa 24H2 cikakkiyar ƙaura ce, kamar dai daga Windows 10 zuwa 11. Alamar da za ka gane ita ce `Windows.old`: idan ta bayyana, an yi ƙaura.

Me ke faruwa a lokacin da kwamfutar ke ta kashe kanta tana kunnawa?

Aikin yana da zango huɗu. Na farko yana gudana ne kana cikin tsohon Windows, kana ma iya ci gaba da aikinka. A nan ake sauke sabbin fayiloli cikin ɓoyayyiyar folda `C:\$WINDOWS.~BT`, a duba manhajoji da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da kayan aiki irin su firinta, don gano waɗanda ba za su yi aiki a sabon ba, a kuma tattara lissafin abin da za a kwasa.

Sai kwamfutar ta kashe ta tashi cikin wani ɗan ƙaramin Windows na wucin gadi. Dalili mai sauƙi ne: ba a ɗaga tabarma kana zaune a kai. Daga nan ake shimfiɗa sabon tsarin, a kawar da tsohon gefe. A zango na uku sabon Windows ya tashi karon farko, ya gano na'urorin da ke jikin kwamfutar, ya ɗora musu direbobi, ya fara karɓar saituna. Na huɗu shi ne ƙarasa zuba sauran bayanai, har ka ga allon shiga asusunka. Ko bayan ka shiga, waɗannan 'yan mintocin da allo ke cewa ka jira, ana ƙarasa shirya asusunka ne.

Idan wani abu ya karye a hanya, tsarin yana ƙoƙarin komar da komai yadda yake. Yawanci yana yin nasara. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne ɗaukewar wuta a tsakiyar zango na biyu ko na uku. Laftof mai mataccen batiri, ko kwamfutar tebur da ba ta da abin riƙe wuta, kada a fara musu wannan aiki sai an tabbatar janareta ko sola za ta riƙe awa biyu zuwa uku. Tsohuwar kwamfuta mai faifai mai juyawa tana iya wuce haka.

Me ya sa PDF da shafukan intanet suka koma buɗewa a Edge, burauzar Microsoft, alhali na zaɓi wata manhaja?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma ta cancanci a zauna a kanta.

A zamanin Windows XP da 7, kowace manhaja na iya rubuta kanta a rajistar Windows, wato kundin da Windows ke ajiye saitunansa, ta ce daga yau ita ce mai buɗe PDF ko hotuna. An sha wahala da wannan. Ka girka wata 'yar manhaja ta kyauta, washegari ka tarar ta ƙwace burauzarka da waƙoƙinka. Daga Windows 8 aka sauya tsari. Yanzu idan ka zaɓi manhajar da za ta riƙa buɗe wani nau'in fayil, ana rubuta abu biyu a rajista ƙarƙashin wani maɓalli mai suna `UserChoice`. Na farko `ProgId`, wato sunan da manhajar ta yi rajista da shi. Na biyu `Hash`, wani hatimi da Windows ke ƙirgowa daga nau'in fayil ɗin, da lambar shaidar asusunka, da sunan manhajar, da lokacin da aka yi zaɓin. Kana iya ganinsu idan ka rubuta wannan umarni a `Command Prompt`, tagar rubuta umarni ta Windows:

```
reg query "HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\FileExts\.pdf\UserChoice"
```

Duk lokacin da hatimin bai dace da sauran bayanan ba, Windows na ɗauka an yi masa kutse, sai ya soke zaɓin ya koma kan nasa, wanda a PDF da shafukan intanet shi ne Edge. A lokacin ne ake ganin saƙon `An app default was reset`.

Yaya ƙaura ke jawo wannan? Hanyoyi kaɗan ne. Wata tsohuwar manhaja tana rubuta zaɓin da kanta ta bayan fage, ba ta hanyar da aka amince ba, kuma idan aka sake tantancewa sai a gano. Wata kuma ana cire ta yayin ƙaura don ba ta dace da sabon tsarin ba, sai sunanta ya zama suna ba mai shi. Akwai kuma wadda ke sabunta kanta a daidai lokacin, ta sauya sunan da ta yi rajista da shi, tsohon zaɓinka ya koma nuni ga abin da babu. Sannan akwai laifin yatsa: allunan da ke fitowa bayan ɗagawa suna tambaya ko kana son saitin burauza da Microsoft ta ba da shawara, mutum yana sauri ya danna amincewa bai karanta ba.

Ra'ayina a nan shi ne hatimin abu ne mai kyau, ya kare mutane daga manhajoji masu ƙwace. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a duk lokacin da aka sami shakka, ribar ta faɗa wa manhajar kamfanin ba tare da an tambayi mai kwamfuta ba. Lokacin da Windows 11 ya fito a Oktoba 2021, sauya burauza ma sai ka bi nau'in fayil ɗaya bayan ɗaya. Sai a 2022 aka ƙara maɓallin `Set default` da ke yin manyan a danna ɗaya.

Yaya zan mayar da zaɓina ya zauna daram?

Ka yi shi da hannunka ta hanyar da Windows ya tanada, domin ita ce ke buga hatimi sahihi. Shiga `Settings`, sai `Apps`, sai `Default apps`. Ka rubuta `.pdf` a akwatin bincike ka zaɓi manhajarka. Ko ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka bi `Open with`, sai `Choose another app`, ka zaɓa ka danna `Always`.

Kafin haka, sabunta manhajar zuwa sabon fitowarta. Idan tsohuwa ce mai rubuta rajista da kanta, za ta sake ɓata hatimin bayan kwana ɗaya ko biyu, ka yi ta gyara abu yana warwarewa. Haka nan manhajojin da ake cewa suna share rajista don ƙara wa kwamfuta sauri, ka nisanta su da wannan wuri. Kuma kada ka kwafo `UserChoice` daga wata kwamfutar ka liƙa a taka, hatimin na asusun can ne.

Mai son ganin tarihin abin da ya faru zai same shi a `Event Viewer`, ƙarƙashin `Applications and Services Logs`, `Microsoft`, `Windows`, `Shell-Core`, `AppDefaults`. Nan ake rubuta lokutan da aka soke zaɓi.

Waɗanne abubuwa ne ba za su dawo ba ko me na yi?

Waɗanda aka rushe ɗakinsu. Tayil-tayil masu motsi na `Start` a Windows 10 babu su a 11, kuma Microsoft da kanta ta sanar cewa manhajoji da shafukan da ka maƙala a `Start` ba za su biyo ka ba. Internet Explorer ba ya buɗewa a matsayin burauza mai zaman kanta, sai dai yanayinsa da ke cikin Edge don tsofaffin shafuka. WordPad an cire shi daga 24H2. Tsofaffin manhajojin `Mail` da `Calendar` an daina tallafa musu a ƙarshen 2024. A irin waɗannan, neman inda saitin ya ɓuya ɓata lokaci ne, sai dai a nemi madadi.

Akwai kuma gyare-gyaren da masu gyaran kwamfuta ke yi ta bayan gida: kashe wasu ayyukan Windows don rage cin data, ko sauya wani abu a rajista da aka gani a intanet. Da yawansu ba sa cikin jerin kwasa, don haka suna komawa yadda suke. Waɗannan ana iya sake yin su, idan har ka rubuta abin da ka yi tun farko.

A ba mu misali daga farko har ƙarshe.

A ce mai shagon buga takardu ne kusa da wata makaranta. Kwamfutarsa tana da faifai mai giga 128, da firinta biyu: baƙa-da-fara ta aikin yau da kullum, da mai launi ta hoton fasfo. Ya bar ta da dare tana ɗagawa daga Windows 10 zuwa Windows 11 24H2. Da safe ya tarar da matsala huɗu. PDF na buɗewa a Edge. Takardun ɗalibai na fita a firinta mai launi, tawada mai tsada tana ƙarewa. Ƙasan kowane shafi yana yankewa. Tsofaffin wasiƙunsa masu ƙarshen `.rtf` sun daina buɗewa a inda ya saba. Ga kuma faifan ya kusa cika.

Ya fara da PDF. Umarnin da ke sama ya nuna `ProgId` ya zama `MSEdgePDF`. Ya duba jerin manhajoji, mai karanta PDF ɗinsa tana nan, tsohuwa ce kawai ta shekaru da dama. Wato ba a cire ta ba, zaɓin aka soke. Ya sabunta ta, ya sake zaɓa a `Default apps`, magana ta ƙare.

Firinta kuwa, a `Settings`, `Bluetooth & devices`, `Printers & scanners`, ya tarar `Let Windows manage my default printer` a kunne. Ma'anar wannan saiti ita ce firintar da ka yi amfani da ita a ƙarshe ita ke zama ta kai tsaye. Hoton fasfo ɗaya da ya buga da sassafe ya isa ya juya komai. Ya kashe saitin, ya zaɓi baƙa-da-farar ya danna `Set as default`.

Yankewar shafi ta fi ɓoyuwa. Yayin ƙaura an ɗora wa firintar sabon direba, kuma girman takarda da direban ya zo da shi `Letter` ne, na Amurka. Mu kuma A4 muke saya, wadda ta fi tsawo kaɗan kuma ta fi siranta: A4 milimita 210 ce a 297, waccan kuwa kusan 216 a 279. Tsohon zaɓinsa yana ajiye ne a cikin bayanan tsohon direba, sabon bai gaje shi ba. Ya shiga `Printing preferences` ya mayar A4. Ya kuma lura zaɓin buga gaba da baya ya ɓace, alamar direban gama-gari ne aka sa, sai ya sauko da cikakken daga shafin kamfanin firintar.

Wasiƙun `.rtf` lafiyarsu ƙalau, WordPad ne babu. Ya sa Word ya riƙa buɗe su. LibreOffice ma zai yi.

Cikar faifai kuma `Windows.old` ce, wadda kan kai giga goma sha wani abu zuwa sama da ashirin. A nan ne ya kamata ya kama hannunsa, kada ya share ta a ranar. Sai ya yi mako yana aiki, ya tabbatar sikana da manhajar hoton fasfo da komai suna tafiya.

Ka lura matsala huɗun nan ba tushensu ɗaya ba. Ta PDF shakkar hatimi ce, ta A4 abin da ba a kwaso ba ne, ta WordPad ɗaki ne da aka rushe, ta firinta mai launi kuma saiti ne da ke yin daidai abin da aka ƙera shi ya yi.

Fayilolina fa? Kwafe su ake yi ko matsar da su?

Idan ka zaɓi `Keep personal files and apps`, ba a yin kwafi biyu na hotunanka da bidiyonka. Tunda duk a faifai ɗaya ake, ba a buƙatar sake rubuta su, adireshinsu kawai ake gyarawa a cikin kundin faifan. Shi ya sa mai fina-finai giga 200 ba ya buƙatar wani giga 200 na fili kafin ya ɗaga.

Amma wannan na nufin `Windows.old` ba kwafin ajiyar fayilolinka ba ce. Tsohon tsarin ne a ciki, don komawa baya. Kuma tana kan faifai ɗaya da komai, idan ya mutu sun tafi tare.

Bayananka suna zaune ne a wurare uku. Akwai na fili: `Desktop`, `Documents`, `Pictures`, `Downloads`. Akwai ɓoyayyiyar folda `AppData` inda manhajoji ke ajiye nasu, kamar tarihin burauza da saitin Word. Sai fayil ɗin `NTUSER.DAT`, wanda shi ne rabonka na rajista, inda zaɓin manhajoji da harsunan kibod suke. Duka ukun ana tafiya da su a zaɓi na farko. A `Keep personal files only`, fayiloli na tsira amma manhajoji da saitunansu sun tafi. `Nothing` kuwa sunansa ya faɗi aikinsa.

Me ya sa zaɓin riƙe manhajoji ya ƙi dannuwa a wajena?

Kusan kullum rashin dacewa ne tsakanin abin da ke kwamfutar da abin da ke filashin girkawa. Harshe shi ne na farko. Turancin Amurka da na Birtaniya harsuna biyu ne a wajen manhajar girka Windows, kuma kwamfutocin hannu da ake shigo da su kasuwanninmu kowacce da inda ta fito. A Nijar kuma sau da yawa Windows na Faransanci ne, a zo masa da filashin Turanci. Sauya harshen da kake gani a allo ba ya sauya harshen asali na tsarin. Duba shi a `Command Prompt` da ikon mai gudanarwa, wato ka buɗe shi da `Run as administrator`:

```
dism /online /get-intl
```

Layin `Default system UI language` shi ne abin dubawa, sai ka sauko da Windows 11 na wannan harshen. Na biyu, Windows 11 ba shi da nau'in 32-bit, don haka mai Windows 10 na 32-bit sai sabon girki. Sannan dole ka kunna `setup.exe` daga cikin Windows mai aiki. Idan ka tayar da kwamfutar daga filashin, sabon girki kake shirin yi.

Na shiga na ga kwamfutar wayam, babu fayil ko ɗaya. Sun tafi ke nan?

Kada ka ajiye sabon abu, kada ka share komai, ka fara dubawa. Abu na farko da ake zargi shi ne asusun wucin gadi. Idan Windows ya kasa buɗe asusunka, yana ba ka wani na aro, da saƙon `You've been signed in with a temporary profile`. Rubuta `echo %USERPROFILE%` a `Command Prompt`. Idan ka ga `C:\Users\TEMP`, fayilolinka na nan a foldarka ta asali ƙarƙashin `C:\Users`, kuma sake kunna kwamfutar sau biyu ko uku kan warware shi. Duk abin da ka ajiye a asusun aron zai ɓace da ka fita.

Na biyu OneDrive, wurin ajiyar fayiloli na Microsoft a intanet. Idan an kunna ajiyar foldoji a allunan bayan ɗagawa, `Desktop` da `Documents` da `Pictures` suna komawa cikin foldar `OneDrive` da ke asusunka. Fayilolin suna nan, amma manhajar da ta haddace tsohuwar hanya za ta ce ba ta gan su ba. Ga mai sayen data da tsada akwai wata illar: za a fara tura su intanet, kuma filin kyauta giga 5 ne kacal. Na uku, leƙa `C:\Windows.old\Users`.

Ɓacewa ta gaskiya ba ta da yawa, amma ta taɓa faruwa. A Oktoba 2018 Microsoft ta dakatar da sabuntawar 1809 ta Windows 10 bayan ta share fayilolin wasu mutane. Abin ya shafi waɗanda aka karkatar da foldoji irin `Documents` zuwa wani wuri alhali akwai sauran fayiloli a tsohon wurin, sai tsarin ya ɗauki tsohuwar foldar a matsayin fanko ya goge. Sai a Nuwamba aka sake sakinta. Wannan kaɗai ya ishe ni hujjar cewa ba a ɗagawa sai da kwafi a wani faifai na waje.

Kwana nawa nake da su na komawa Windows 10?

Kwana 10. Hanyar ita ce `Settings`, `System`, `Recovery`, `Go back`. Bayan wa'adin ana share `Windows.old` kai tsaye, hanyar komawa ta rufe, haka ma idan ka share ta da kanka wajen neman fili. Kana iya tsawaita wa'adin har kwana 60, muddin ka yi kafin ya cika, a `Command Prompt` da ikon mai gudanarwa:

```
dism /online /Set-OSUninstallWindow /Value:60
```

Komawar ba ta mayar da komai. Manhajojin da ka girka bayan ɗagawa sai ka sake girka su, kuma za a nemi tsohuwar kalmar sirrinka idan ka sauya. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba: manhajoji ma suna yin tasu ƙaurar. Sabuwar fitowar manhaja kan sauya fasalin rumbun bayananta a buɗewar farko, tsohuwar kuma ba ta san sabon fasalin ba. Firefox, alal misali, yana ƙin buɗe bayanan da sabuwar fitowarsa ta riga ta taɓa, ya ce ka buɗe sababbi. Mai manhajar lissafin shago ko ta sakamakon ɗalibai ya kwafe rumbunta kafin ya buɗe ta a sabuwar fitowa, domin wannan hanya sau da yawa ba ta da komawa baya.

Ɗagawar ta kai wani wuri ta koma baya. Yaya zan san dalili?

Lambar kuskuren tana magana. `0xC1900101` galibi direba ne, sai a cire duk abin da aka jona ban da linzami da kibod, a sabunta direbobi, a cire rigakafin ƙwayoyin cuta na wani kamfani na ɗan lokaci. `0xC1900208` manhaja ce da ba ta dace ba. `0x80070070` fili ne ya ƙare. Idan akwai lamba ta biyu, tana faɗin inda aka tsaya: a `0x4000D`, 4 zango na huɗu ne, D kuma aikin kwasar bayanai. Cikakken labarin yana cikin `setuperr.log` da `setupact.log` a `C:\$WINDOWS.~BT\Sources\Panther`, kuma Microsoft na da 'yar manhaja mai suna SetupDiag da ke karanta su ta taƙaita.

Tawa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sabuwa zan saya. Kwafe foldata ya isa?

Sharuɗɗan sun haɗa da TPM 2.0, wato sashen tsaro da ke cikin kwamfutar, ƙwaƙwalwar RAM giga 4, faifai giga 64, da injin sarrafawa da ke cikin jerin da aka amince, don haka tsofaffi da yawa sun faɗi. Ƙaura zuwa wata kwamfutar ta fi wuya, domin yanzu babu mai kwasa, kai ne.

Takardu da hotuna kwafi ya ishe su. Manhajoji sai an sake girkawa, kwafe `Program Files` ba ya aiki saboda rajistarsu ba ta biyo ba. Kalmomin sirri da Chrome da Edge suka adana an kulle su da mabuɗin da ke ɗaure da asusunka na Windows a tsohuwar kwamfutar, don haka ko ka kwafe `AppData` ba za su buɗe ba. Ka kunna daidaitawa da asusunka na burauzar, ko ka fitar da su daga saitinta kafin ka rabu da tsohuwar. Na Firefox suna tafiya idan ka ɗauki `logins.json` tare da `key4.db`. A Outlook na gargajiya, fayil ɗin `.pst` dole ka ɗauke shi, don wataƙila shi kaɗai ne kwafin wasiƙunka. Idan kana rubuta ɓ, ɗ da ƙ da kibod ɗin Hausa na Windows, sake ƙara shi a `Time & language`. Idan kuma wata manhajar kibod ko wani salon haruffa na musamman ka girka, ka ajiye fayil ɗin girkawarsa, in ba haka ba tsofaffin takardunka za su buɗe da wasu haruffa daban.

Me zan tanada kafin in danna maɓallin?

Kwafin foldarka a faifan waje, wanda ka buɗe ka ga yana karantuwa, sannan ka zare shi. Hotunan allo na `Default apps` da saitin firinta, sun fi ƙwaƙwalwa aminci. Umarni biyu kuma suna rage wahala, a nan `E:` shi ne faifan waje, kuma sai ka ƙirƙiri foldojin tukuna, ka buɗe `Command Prompt` da ikon mai gudanarwa:

```
pnputil /export-driver * E:\Direbobi
netsh wlan export profile key=clear folder=E:\Wifi
```

Na farko yana ajiye direbobin da aka ƙara wa kwamfutar, abin da ke da amfani sosai ga tsohuwar firinta ko sikana da kamfaninta ya daina kula da ita. Na biyu yana fitar da kalmomin sirrin Wi-Fi a fili, don haka ka tsare foldar.

Sai BitLocker, kullen da Windows ke sa wa faifai don kare bayanan da ke ciki. Rubuta `manage-bde -status` da ikon mai gudanarwa ka ga ko faifanka a kulle yake. Manhajar girkawa tana dakatar da kullen da kanta yayin ɗagawa, amma idan ka taɓa saitin TPM ko `Secure Boot` don cika sharuɗɗa, kwamfutar na iya tashi ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Sau da yawa yana ajiye a asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. Idan ta hannu ka saya, ko yaron shago ne ya saita maka ita da nasa asusun, ka fitar da mabuɗin yanzu da `manage-bde -protectors -get C:` tun kwamfutar tana buɗewa, ka rubuta shi a takarda ka ajiye a wani wuri daban da jakar laftof ɗin.